Yadda Ake Mayar da Gajeren Yabon Kwastoma Shaida Mai Gamsarwa Ba Tare da Ƙago Komai Ba

Kwastoman da ya ji daɗin aiki ba ya cika yin dogon bayani. Zai aiko da layi ɗaya ko biyu, ya yi godiya, ya koma harkokinsa. Kai kuma da kake son saka maganarsa a talla sai ka ga ta yi gajarta, ba ta faɗi abin da zai sa baƙo ya ciro kuɗinsa ba. A nan ne hannu ke fara ƙaiƙayi: a ƙara kalma nan, a liƙa adadi can, a ce ai abin da yake nufi ke nan. Na daɗe ina rubutun talla, kuma abin da na tabbatar shi ne, abin da gajeren yabo ya rasa yana nan a wurin kwastoman, ba a tambaye shi ba ne kawai. Aikinka shi ne ka koma ka karɓo, ka zaɓa, ka jera, sannan ka mayar masa ya gani kafin duniya ta gani.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara kai ne ke sayar da manhajar lissafin kaya, wadda ke rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Wata mai sito da ke amfani da ita wata huɗu ke nan ta aiko maka da wannan saƙo:

"Gaskiya manhajar nan ta taimaka mana sosai. Yanzu hankalina ya kwanta. Na gode."

Ka adana asalin, sannan ka karanta abin da babu a ciki

Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ɗauki hoton saƙon yadda ya zo, da kwanan wata da sunan mai aikowa suna fitowa. Idan saƙon murya ne, ajiye muryar kanta, kuma ka rubuta abin da ta faɗa kalma da kalma. Wannan shi ne tushen da za ka riƙa komawa duk lokacin da ka yi shakkar ko wata jimla tata ce ko taka.

Yanzu duba saƙon da idon mai bincike. Abubuwa biyu kacal ta faɗa: manhajar ta taimaka, kuma hankalinta ya kwanta. Ba ta ce riba ta ƙaru ba. Ba ta ce kaya sun daina ɓata ba. Ba ta kwatanta manhajarka da ta kowa ba, kuma ba ta ba kowa shawarar ya saya ba. Ga irin abin da marubuci mai gaggawa kan fitar daga wannan saƙo:

"Manhajar nan ta canza kasuwancina gaba ɗaya! Ribarmu ta ƙaru da kashi 40 cikin 100, ba mu ƙara asarar kaya ba, kuma ta fi duk waɗanda na gwada. Ina ba kowa shawara ya saya."

Ƙirga abin da aka ɗora mata: canjin kasuwanci gaba ɗaya, adadin riba, daina asara, gwada wasu manhajoji, da shawara ga kowa. Abu biyar, babu ko ɗaya da ya fito daga bakinta. Ban da ƙaryar, rubutun ma bai fi na asali gamsarwa ba, domin mai karatu ya saba ganin irinsa, kuma da ya ga "ta canza kasuwancina gaba ɗaya" ya san muryar mai talla ce. Amma a cikin ainihin saƙonta akwai ƙofa guda da ta bari a buɗe: "yanzu hankalina ya kwanta". Wanda ya ce "yanzu" yana nufin da can ba haka ba ne. Me ke tayar mata da hankali a da? Amsar wannan tambaya ita ce shaidar da kake nema.

Koma wurinta da tambayoyi

Ka koma cikin kwana biyu ko uku da samun saƙon, tun abin bai huce a ranta ba. Kada ka ce mata ta rubuto maka shaida, domin yawancin mutane da sun ji an ce su rubuta sai su daskare, ko su rubuto yabo mai ƙyalli wanda ba shi da komai a ciki. Nemi hira ta minti goma a waya, ko ka aika tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ta amsa da murya. Mutum idan yana magana yakan faɗi ƙananan abubuwan da ba zai taɓa rubutawa ba, kuma su ne ke sa a yarda da shi. Tun farko ka gaya mata dalili, kuma idan za ka naɗi hirar ka nemi izininta:

"Hajiya, na ji daɗin saƙonki ƙwarai. Ina so in nuna wa masu tunanin sayen manhajar yadda ta yi miki aiki. Ko za ki ba ni minti goma in yi miki 'yan tambayoyi? Zan naɗa don kada in rubuta abin da ba ki faɗa ba, kuma ba zan fitar da komai ba sai kin gani kin amince."

Yadda ake gina tambayar yana da muhimmanci fiye da yawanta. Tambayar da ke ɗauke da amsarta a ciki hanya ce ta ƙaga magana ta bayan gida. Idan ka ce, "Ai manhajar ta rage miki asara sosai, ko ba haka ba?", za ta ce "ƙwarai kuwa" saboda kara, kai kuma ka rubuta cewa ta ce asara ta ragu sosai. A zahiri kai ka faɗa, ita ta gyaɗa kai. Tambaya mai kyau takan fara da "yaya", "me", "yaushe" ko "nawa", kuma ba ta ambaci sakamakon da kake fatan ji.

Tambayoyi biyar sun isa. Ga su tare da amsoshin da za mu ƙaddara ta bayar, domin da su za mu yi aiki har ƙarshe.

Ka tambaye ta yaya suke lissafin kaya kafin manhajar. Ta ce a littafi suke rubutawa, kuma ƙirgar ƙarshen wata takan ci musu kwana biyu, wani lokaci uku, sai sun rufe sito sannan su iya yi. Ka tambaye ta me ya sa ta yi jinkiri kafin ta saya. Ta ce tana tsoron yaranta ba za su iya ba, musamman wani dattijo da ya daɗe da ita wanda bai saba da waya ba, amma cikin kamar mako guda ya kama. Ka tambaye ta me ya canza. Ta ce yanzu ƙirgar rabin yini ce, ban da watan farko da ta ci yini guda saboda suna koyo, kuma ba sa rufe sito. Ka tambaye ta me take nufi da hankalinta ya kwanta. Ta ce ko tana gida takan duba waya ta ga abin da ya fita, ta ƙara da cewa tana jin kamar ɓatan kaya ya ragu, amma ba ta lissafa ba. A ƙarshe ka tambaye ta ko akwai abin da ke ba ta matsala. Ta ce idan intanet ya yi rauni manhajar takan yi nauyi.

Duk inda ta faɗi adadi, ka bi shi da tambaya ɗaya: "Ta yaya kika sani?" Ba don kana zarginta ba, sai don ka bambance adadin da ta duba a littafi da wanda ta kimanta da ka. Idan kuma ta yi shiru bayan tambaya, ka bar shirun. Sau da yawa jimlar da ta fi kowace daraja tana fitowa ne bayan ɗan shirun nan, idan ba ka yi saurin cike shi da maganarka ba.

Raba abin da ka samu gida uku

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke tsare ka. Rubuta kowane batu a layinsa, ka sa masa alamar inda ya fito. Gida na farko, abin da ta faɗa da bakinta. Gida na biyu, abin da bayananka suka tabbatar, kamar ranar da ta fara amfani da manhajar da yawan ma'aikatan da ke shiga ciki. Gida na uku, abin da kai ka fahimta ko ka lissafo.

Abin da ke gida na farko ne kaɗai ke shiga cikin alamar zancen wani. Na gida na biyu yana iya fitowa a waje, da muryarka, a layin gabatarwa ko ƙarƙashin sunanta. Na gida na uku ba ya fita ko'ina, sai idan ka mayar da shi tambaya ka kai mata ta tabbatar.

Duba yadda gida na uku ke yaudara. Daga kwana biyu zuwa rabin yini, lissafi mai sauƙi zai ba ka ragin kashi 75 cikin 100. Lissafin daidai ne, amma ba za ka sa shi a bakinta ba, kuma ni ko a waje ba zan sa ba. Ita kimantawa ta yi: "kwana biyu, wani lokaci uku" da "rabin yini" ba awoyin da aka auna da agogo ba ne. Da zarar ka mayar da su kashi 75, ka ba su kamannin abin da aka auna, wanda ba su da shi. Kuma a wurin mai sito irinta, "kwana biyu ya koma rabin yini" ya fi shiga kai, domin yana ganin kwana biyun nan da idonsa. Haka kuma ba za ka ɗauki "uku" ka bar "biyu" ba don tazarar ta fi faɗi. Ko ka kawo yadda ta faɗa duka, ko ka ɗauki mafi ƙanƙanta.

Batun ɓatan kaya shi ne jarrabawar gaske, domin shi ne abin da mai saye ya fi son ji. Ta ce tana jin kamar ya ragu, amma ba ta lissafa ba. Hanyoyi uku ne a gabanka. Ka bar shi gaba ɗaya. Ko ka kawo shi da shakkarsa, wato "ina jin kamar ɓatan kaya ya ragu". Ko ka roƙe ta ta kwatanta littafin da da bayanan yanzu, idan ta samu adadi ta ba ka. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne "ɓatan kaya ya ragu" tsirara, domin ka mayar da zato tabbaci. A wannan misali ni barinsa zan yi, saboda shaidar tana da isasshen ƙarfi ba tare da shi ba, kuma jimla mai rauni guda takan jawo shakka a kan sauran.

Gyaran da ya halatta da wanda bai halatta ba

Maganar baka ba ta zuwa a shirye. Za ka iya cire "to", "ka gane", maimaici da tuntuɓen harshe. Za ka iya gyara kuskuren rubutu. Za ka iya cire jimlar da ba ta shafi batun ba. Inda ta ce "ita" tana nufin ƙirgar ƙarshen wata, za ka iya bayyana sunan abin don mai karatu ya gane. Za ka iya sake jeri, ka kawo halin da ake ciki a da kafin na yanzu, ko da ita ta fara da na yanzu, matuƙar ma'ana ba ta motsa ba.

Haɗarin yana cikin ƙananan kalmomi. "Kamar", "kusan", "yawanci", "a wurinmu", "wani lokaci": su ne marubuci ke fara sharewa don jimla ta yi kaifi, kuma su ne ke riƙe da gaskiyar maganar. "Cikin kamar mako guda ya kama" da "cikin mako guda ya kama" ba ɗaya ba ne. Haka ma ɗaga kalma sama da inda ta ajiye ta: "ta taimaka" ba ta zama "ta magance", "na ji daɗi" ba ya zama "ban taɓa ganin irinta ba".

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato ɗinka amsoshi biyu da kalmar dalili. A ce a wani wuri ta ambaci cewa ta ƙara ɗaukar ma'aikaci bana, a wani wurin kuma ta yabi manhajar. Idan ka haɗa su da "shi ya sa" ko "saboda haka", ka ƙirƙiro iƙirarin cewa manhajar ce ta faɗaɗa kasuwancinta, alhali kowace kalma a jimlar tata ce. Duk "saboda", "shi ya sa" da "tun daga nan" da ke cikin rubutun ƙarshe, koma ka ga ko ita ta furta su a wannan gurbin.

Ƙorafinta kan intanet fa? Ba dole ba ne kowace shaida ta ɗauki kowane ƙorafi, amma akwai sharaɗi: cire shi bai kamata ya sa sauran maganar ta zama yaudara ba. Idan tallarka na cewa manhajar na aiki lafiya ko da intanet ya yi rauni, sannan ka ajiye shaidarta a ƙarƙashi ka cire ƙorafin, ka yi amfani da sunanta ka goyi bayan abin da ta musanta. Ni nakan so a bar irin wannan ƙaramin ƙorafi a doguwar sigar shaida, domin mai karatu idan ya ga an bar mutum ya faɗi aibi, yakan yarda cewa yabon ma nasa ne.

Idan da wani harshe ta yi magana ka fassara, ka rubuta a ƙasa cewa fassara ce, kuma ka nuna mata fassarar. Ka kuma bar mata salon maganarta. Idan shaidu biyar a tallarka duk sun zo da tsawo ɗaya da lafazi ɗaya, kowa zai gane hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Jera shi

Jerin da ya fi aiki shi ne wanda ke bin tunanin mai saye: halin da take ciki a da, abin da ya sa ta yi shakka, abin da ya faru, da yadda take ji yanzu. Sashen shakka shi ne mafi tsada, domin mai karatu ma yana da irin wannan shakka, kuma ya fi yarda da amsar da ta fito daga wanda ya taɓa jin tsoron. Ga abin da amsoshinta suka bayar:

"Da a littafi muke rubuta komai. Ƙirgar ƙarshen wata takan ci mana kwana biyu, wani lokaci uku, kuma sai mun rufe sito. Na ji tsoron yarana ba za su iya manhajar ba, musamman wani dattijo da bai saba da waya ba, amma cikin kamar mako guda ya kama. Watan farko ƙirgar ta ci yini guda saboda muna koyo. Yanzu rabin yini ce, kuma ba ma rufe sito. Ko ina gida nakan duba waya in ga abin da ya fita. Hankalina ya kwanta."

A ƙasa sai sunanta yadda ta amince a rubuta, da irin sana'arta, da layi ɗaya daga bayananka: tana amfani da manhajar wata huɗu. Kanun da za ka ɗora a sama ma daga cikin maganarta za ka ciro shi: "Yanzu rabin yini ce, kuma ba ma rufe sito." Idan kanun naka ne, kada ka sa masa alamar zancen wani.

Yanzu ɗauki alƙalami ka bi rubutun jimla-jimla, kana nuna wa kanka inda kowace ta fito a cikin naɗin hirar ko saƙon farko. Jimlar da ka kasa nuna asalinta, ko da ta yi daɗin ji, fita za ta yi. Ka lura na bar maganar watan farko. Da na cire ta, wanda ya saya zai sa ran rabin yini tun ƙirgar farko, ya ga ba haka ba, ya ɗauka an yaudare shi.

Idan wurin talla ƙarami ne kuma kana buƙatar gajeriyar siga, yanko daga wannan rubutu, kada ka sake rubuta sabo. "Ƙirgar ƙarshen wata takan ci mana kwana biyu, wani lokaci uku... Yanzu rabin yini ce" ta wadatar, da ɗige-ɗige uku a inda aka tsallake magana. Gajeriyar sigar ma sai ta gan ta, domin yanka yakan canza nauyin magana.

Mayar mata ta amince a rubuce

Yabon da ta aiko maka a saƙo na tsakaninku ne, ba izinin bugawa ba ne. Aika mata ainihin rubutun da zai fita, dogon da gajeren, tare da bayanin inda za a sa shi:

"Hajiya, ga abin da na haɗa daga hirarmu. Don Allah ki duba ko akwai inda na faɗi abin da ba haka kika nufa ba, ko abin da ba kya so ya fita. Zan sa shi a tallarmu ta intanet da takardun da muke rabawa. Yaya kike so a rubuta sunanki, kuma kin yarda a sa hotonki ko a bari? Duk ranar da kika ce a cire, za a cire."

Ka lura tambayar tana neman kuskure ne, ba ta neman yabo. Idan ka ce "Ya yi, ko?", amsar da za ka samu ita ce "ya yi". Izinin suna daban, na hoto daban, na sunan kasuwancinta daban. A misalinmu akwai mutum na uku, wato dattijon. Ba a ambaci sunansa ba, amma duk wanda ya san siton zai gane shi, don haka ka tambaye ta ko shi ma ba zai damu ba. Idan da damuwa, "wani da bai saba da waya ba" ya isa, da amincewarta.

Wani lokaci kwastoma zai ce maka, "Kai dai rubuta duk abin da ka ga dama, na amince." Yarda ce ta sa ya faɗi haka, amma kada ka karɓa. Sa hannunsa a kan abin da bai faru ba ba ya mayar da shi gaskiya, kuma wanda za a yaudara shi ne mai saye, wanda ba ya cikin wannan yarjejeniya taku. Ce masa ba za ka iya rubuta abin da ba ka ji daga gare shi ba, ka nemi ya amsa tambaya biyu kacal da murya: yaya abin yake a da, kuma me ya canza.

Abin da dokokin talla ke dubawa

Kowace ƙasa da nata tsarin, kuma wajibi ne ka duba na inda kake talla, amma manyan ƙa'idojin sun yi kama da juna. A Amurka, jagororin hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, sun ce ba lallai ne a kawo maganar mai shaida kalma da kalma ba, sai idan tallar ta nuna cewa ainihin kalmominsa ne, kamar ta hanyar alamar zancen wani. Sun kuma hana sake fasalin maganar ko raba ta da muhallinta ta yadda zai karkatar da ra'ayin mai ita. A shekarar 2024 hukumar ta fitar da doka ta musamman da ta haramta shaidun ƙarya, har da waɗanda ke ba da labarin da ba shi ne abin da mai shaidar ya fuskanta ba, kuma ta fara aiki a watan Oktoba na shekarar. A Birtaniya, ƙa'idojin da hukumar kula da talla, ASA, ke aiki da su sun wajabta wa mai talla ya riƙe hujja a rubuce cewa shaidar ta gaske ce, da hanyar tuntuɓar mai ita, kuma ya samu izininsa.

Abu biyu daga waɗannan ƙa'idoji sun shafi misalinmu kai tsaye. Na farko, alaƙa. Idan ka ba ta ragi ko wata kyauta saboda shaidar, ko kuwa 'yar'uwarka ce ko ma'aikaciyarka, ka faɗa a fili kusa da shaidar, domin sanin hakan na canza nauyin da mai karatu zai ba maganarta. Na biyu, ko sakamakonta shi ne abin da yawanci ake samu. Tun gyaran jagororin FTC na 2009, rubuta "sakamako ya bambanta" da ƙananan haruffa bai wadatar ba idan abin da aka nuna ya zarce na yawancin mutane. Ana so a faɗi abin da mai saye zai iya sa rai da shi. Don haka idan ka san yawancin kwastomominka yini guda ƙirgar ke ci musu, ita ce kaɗai ta kai rabin yini, ka rubuta hakan a ƙarƙashin shaidar da muryarka. Maganarta gaskiya ce, amma ajiye ta ita kaɗai na iya sa mai karatu ya fahimci abin da ba haka ba.

Idan ba ta amsa tambayoyin ba

Yana faruwa. Ka tuna mata sau ɗaya bayan mako guda, daga nan ka ƙyale ta. Idan ta yarda a yi amfani da saƙon farko amma ba ta da lokacin hira, ka fitar da shi da gajartarsa, ka ƙarfafa shi daga waje da abin da bayananka suka tabbatar kuma ta amince a faɗa. Misali, a sama ka rubuta da muryarka cewa mai sito ce da ma'aikata shida ke shigar da kaya a manhajar tsawon wata huɗu, idan haka bayanan suka nuna, sannan maganarta ta biyo: "Gaskiya manhajar nan ta taimaka mana sosai. Yanzu hankalina ya kwanta." Sanin ko wace ce mai maganar da tsawon lokacin da ta yi da kayan yakan ba gajeren yabo nauyin da ba shi da shi idan yana tsaye shi kaɗai. Idan kuma ko izinin ba ta bayar ba, saƙon ya tsaya a wayarka.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Buɗe wa kowace shaida jaka guda a kwamfuta, ka zuba hoton saƙon farko, naɗin hirar, rubutun da ka aika mata, amsar amincewarta da kwanan wata, da jerin wuraren da aka sa shaidar. Jerin wuraren shi zai taimake ka ranar da ta ce a cire, don kada ka cire a wuri ɗaya ka manta da uku. Ka sa wa kanka tunatarwa duk bayan wata shida ko shekara ka duba ko har yanzu tana amfani da manhajar. Shaidarta ta ce "yanzu rabin yini ce", kuma wannan "yanzu" yana da wa'adi. Idan ta daina amfani da manhajar, ko ka canza ta sosai har abin da ta yaba ya sauya, ka cire shaidar, ko ka rubuta watan da shekarar da ta faɗe ta a ƙarƙashin sunanta bayan ka sake neman yardarta.